Kiyaye Gwargwadon Gauraye Tsakanin Ruwa Biyu Yayin da Yawan Kwarara Ke Sauyawa

1.0 Gabatarwa

Mai dama koko ko mai haɗa zoɓo ba ta da wata matsala game da gwargwado, domin a roba take aiki. Ta auna wannan, ta auna wancan, ta juya, ta ɗanɗana, in bai yi ba ta ƙara. A masana'anta kuwa, sau da yawa ba a roba ake haɗawa ba, a cikin bututu ne, ruwa biyu na tafe ba tsayawa, su gamu a wata mahaɗa su zama ɗaya su wuce. Abin da ya wuce ya wuce, ba a dawo da shi a gyara. Kuma yawan abin da ake bukata ba ya tsayawa wuri ɗaya, yanzu ya hau, an jima ya sauka. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake sa na'ura ta riƙe gwargwadon ruwan nan biyu a irin wannan hali, da dalilin da ya sa injiniyoyi suka fifita wata hanya a kan wata, da kuma wuraren da tsarin kan gaza.

Za a bi misali guda daga farko har ƙarshe, wato haɗa ruwa da sirof a masana'antar lemon kwalba. Sirof a nan shi ne ruwan sukari mai kauri wanda aka riga aka sa wa ɗanɗano da launi. Alƙaluman da za a yi aiki da su na ƙaddarawa ne, amma sun yi kusa da abin da akan samu a irin wannan aiki. Kalmar "kwarara" na nufin yawan litar da ke wucewa ta bututu a awa ɗaya, "gwargwado" kuma shi ne kwararar sirof idan aka raba ta da kwararar ruwa.

2.0 Ɗaya ga Biyar, ko Ɗaya Cikin Biyar?

Mu ƙaddara cewa ƙa'idar lemon ita ce lita 1 ta sirof ga kowace lita 5 ta ruwa. Gwargwado ke nan ya zama 0.2. Sirof ɗin yana da sukari kashi 60 cikin ɗari ta fuskar nauyi, abin da ma'aikata ke kira digiri 60 a ma'aunin Brix, wanda aka sa wa sunan wani Bajamushe masanin ƙarni na 19, Adolf Brix. Lita ɗaya ta irin wannan sirof tana da nauyin kilo 1.286, ta ruwa kuwa kilo 1 ce a taƙaice. Idan ruwa na tafiya lita 10,000 a awa, sirof lita 2,000, to nauyin sirof kilo 2,572 ne, sukarin da ke ciki kilo 1,543, jimillar nauyin gaurayen kuma kilo 12,572. Lemon da ke fita yana da sukari kashi 12.3 cikin ɗari. Wannan adadi shi ne za a riƙa gwada duk sauran da shi.

Akwai wani tarko na harshe a nan wanda ya cancanci a tsaya a kansa. "Ɗaya ga biyar" daban yake da "ɗaya cikin biyar". Na farko yana gwada sirof da ruwa, na biyu yana gwada sirof da dukkan gaurayen. Ɗaya ga biyar daidai yake da ɗaya cikin shida. Wanda ya karanta ƙa'idar a matsayin ɗaya cikin biyar, in ana son lita 12,000 na lemo, zai zuba sirof lita 2,400 da ruwa lita 9,600, sukari ya tashi kashi 14.6 cikin ɗari. Babu na'urar da za ta kama wannan kuskure, domin ita abin da aka rubuta mata take bi. Haka nan wajibi ne a faɗi ko gwargwadon na lita ne ko na kilo, saboda 0.2 na lita, a misalinmu, ya kai kusan 0.257 na kilo.

3.0 Jagora da Mabiyi

Injin cika kwalabe ba ya shan lemo bai-ɗaya. Yakan rage gudu in kwalabe sun cushe a gaba, yakan tsaya a sauya girman kwalba, sannan ya tashi da sauri. Saboda haka kwararar ruwan da ke shiga mahaɗa takan sauya, mu ce tsakanin lita 2,500 da 12,000 a awa. Idan aka kafa kwararar sirof a lita 2,000 aka bar ta, ruwa kuma ya sauko lita 5,000, sukarin lemon zai kai kashi 20.4 cikin ɗari. Kafa adadi guda bai isa ba ke nan. Dole ɗaya ya riƙa bin ɗaya.

Ruwan da ake auna kwararsa kawai, ba a taɓa ta daga wannan tsari, shi za mu kira jagora. Wanda ake ƙarawa ko ragewa don ya dace da shi kuma mabiyi. A misalinmu ruwa ne jagora, sirof ne mabiyi. Kowane bututu yana da mita. Bututun sirof, ban da mita, yana da bawul da na'urar sarrafawa. Aikin wannan na'ura ɗaya ne: tana duba abin da mita ta ce, ta gwada shi da adadin da aka umarce ta ta riƙe, wanda za mu kira manufa, sai ta buɗe bawul ko ta rufe shi gwargwadon bambancin da kuma tsawon lokacin da bambancin ya ɗauka. Tambayar da ta rage ita ce ta yaya labarin jagora zai shiga wannan aiki, kuma hanyoyi biyu ne.

3.1 Hanyar Rabawa

Hanyar da ta fi saurin zuwa a zuciya ita ce a raba karatun mitar sirof da na mitar ruwa, a sami gwargwadon da ake kai a yanzu, a miƙa wa na'urar sarrafawa, a ce mata ta riƙe shi a 0.2. Idan S ce kwararar sirof, W kuma ta ruwa:

```
R = S / W
```

A takarda babu aibi. Aibin yana bayyana ne idan aka tambayi yadda motsin bawul ke shafar adadin da na'urar ke gani. Mu ce bawul ya ɗan buɗe, sirof ya ƙaru da lita 100 a awa. Idan ruwa na kan 10,000, gwargwado zai ƙaru da 0.01. Idan ruwa na kan 5,000, ƙarin nan na lita 100 zai ɗaga shi da 0.02. Idan kuwa ruwa ya sauko 2,500, ƙarin zai zama 0.04. Wato motsi iri ɗaya, amma tasirinsa ya ninka har sau huɗu, don kawai jagora ya ragu.

Na'urar sarrafawa kuwa saiti ɗaya gare ta, wanda ke faɗa mata ƙarfin da za ta mayar da martani da shi. Idan aka saita ta lokacin da masana'anta ke aiki gadan-gadan a lita 10,000, to ranar da aka sauko 2,500 duk gyaran da ta yi zai wuce gona da iri. Ta ga sirof ya yi kaɗan, ta buɗe, ya yi yawa, ta rufe, ya sake yin kaɗan, haka za ta yi ta lilo. In kuma aka saita ta da laushi don ta zauna lafiya a 2,500, sai ta zama mai nawa a 10,000, kuskure ya daɗe bai gyaru ba. Sannan idan ruwa ya tsaya cak, lissafin ya koma rabawa da sifiri, wanda ba shi da amsa. Alamar wannan cuta a bayyane take ga mai duban allo: layin kwararar sirof a miƙe yake da rana lokacin da aiki ke da yawa, sai ya fara hawa da sauka kamar haƙoran zarto duk lokacin da aka rage gudu.

3.2 Hanyar Ninkawa

Hanya ta biyu ba ta raba komai. Ana ɗaukar karatun mitar ruwa a ninka shi da gwargwadon da ake so, abin da ya fito shi ne manufar na'urar sirof:

```
SP = R * W
```

Ruwa na kan 10,000, manufa 2,000. Ya sauko 5,000, manufa 1,000. Ya tsaya, manufa sifiri, bawul ya rufe. Na'urar sirof ba ta ma san akwai wani abu wai shi gwargwado ba. Lita take gani, lita take riƙewa, kuma ƙarin lita 100 ƙarin lita 100 ne a wurinta ko nawa jagora yake. Lissafin ya fita daga cikin da'irar gyara, ya koma wajenta, can inda ake ƙayyade manufa, don haka ba ya taɓa ƙarfin martani. Wannan shi ne dalilin da ya sa hanyar ninkawa ta zama ita ce aka saba bi. Har yanzu ana iya yin rabawar don a nuna wa ma'aikaci gwargwadon da ake kai a kan allo, ko don ƙararrawa ta kaɗa in ya kauce, amma ba a ɗora bawul a kanta.

A ra'ayin marubucin wannan maƙala, wanda ya fahimci bambancin hanyoyin nan biyu ya fahimci rabin fannin. Lissafinsu ɗaya ne a aljabara, halinsu ne daban idan lokaci ya shigo.

4.0 Adadin da Ake Rubutawa a Na'ura

Mitoci da yawa ba sa aika lita. Wutar lantarki suke aikawa, tsakanin miliamfiya 4 da 20, inda 4 ke nufin sifiri, 20 kuma ke nufin iyakar abin da aka saita mitar ta auna. Mu ce iyakar mitar ruwa lita 15,000 ce, ta sirof kuma 4,000. Ruwa lita 10,000 kashi 66.7 ne cikin ɗari na iyakarsa, sirof lita 2,000 kuma kashi 50 ne na tasa iyakar. Idan na'urar da kashi cikin ɗari take lissafi, kamar yadda tsofaffin na'urori da wasu na yanzu ke yi, to adadin da za a rubuta mata shi ne wanda zai mayar da 66.7 ya koma 50, wato 0.75. Ana samunsa ta ninka 0.2 da 15,000 a raba da 4,000. Wanda ya rubuta 0.2 kai tsaye zai sami kashi 13.3, wato sirof lita 533 maimakon 2,000, lemo ya fito salam.

Wannan kuskure ba ya ɓuya, ranar farko ake kama shi. Wanda ke ɓuya shi ne idan aka sauya mita bayan shekaru, sabuwar ta zo da wata iyaka daban, 0.75 kuma yana nan inda yake ba wanda ya tuna asalinsa.

5.0 Lokacin Sauyi

Duk abin da aka faɗa a baya ya shafi lokacin da kwarara ta natsu. Amma mabiyi, tun da mabiyi ne, kullum a baya yake. Sai jagora ya motsa, mita ta gani, manufa ta sauya, sannan bawul ya fara tafiya. A cikin wannan ɗan tsakani gwargwado ba daidai yake ba.

Ana iya ƙiyasta girman ɓarnar. Mu ce ruwa ya yi tsalle daga 5,000 zuwa 10,000 nan take. Manufar sirof ta tashi daga 1,000 zuwa 2,000. Mu ce kuma sirof yana bin manufarsa a hankali, yana cin kusan kashi 63 cikin ɗari na tazarar a daƙiƙa 6 na farko, sauran kuma a hankali bayan haka. A irin wannan bi, jimillar giɓin daidai take da girman tsallen sau daƙiƙa 6 ɗin. Lita 1,000 a awa, na tsawon daƙiƙa 6, lita 1.7 ce ta sirof da ba ta shiga ba. Wannan kuwa rabon ruwa lita 8 da ɗoriya ne. Idan mahaɗa kai tsaye take zuba wa injin cikawa, kwalabe da dama za su fito da ƙarancin zaƙi. Idan ruwa ya sauko, akasin haka ne zai faru, sirof ya yi jinkirin raguwa, zaƙi ya yi yawa.

Magani mafi sauƙi shi ne tanki bayan mahaɗa. Giɓin lita 1.7 na sirof a cikin tanki mai lita 1,000 na lemo, wanda sirof ɗinsa ya kai lita 167, kashi 1 ne kawai cikin ɗari, kuma rarar da ake samu lokacin saukowa takan cike giɓin lokacin hawa. Magani na biyu shi ne hana jagora yin tsalle, a sa shi ya hau a hankali cikin daƙiƙa 30 ko 60. Wannan ba ya rage jimillar giɓin, amma yana baje shi a kan ruwa mai yawa, ta yadda babu kwalbar da za ta ɗauki kaso mai tsoka.

Magani na uku ya fi zurfi, domin yana soke jagorancin ne gaba ɗaya. Idan ana iya sarrafa bututun biyu, sai a bar tsayin lemo a tanki ya ƙayyade jimillar da ake bukata, F, a raba ta biyu a ba kowace na'ura tata manufa a lokaci guda:

```
SP_W = F / (1 + R)
SP_S = F * R / (1 + R)
```

Idan F lita 12,000 ce, ruwa ya sami 10,000, sirof 2,000. Tun da tare suka ji umarni, tare za su tashi, kuma idan aka saita na'urorin biyu su zama saurinsu ɗaya, jinkirin wannan zai yi daidai da na wancan, gwargwado ya tsira ko a tsakiyar sauyi. Rabawar da ke cikin wannan lissafi ba ta da illar da aka ambata a 3.1, saboda da adadi kafaffe ake rabawa, ba da karatun mita ba. A wuraren da jimillar abin da ya shiga tanki ita ce abin kula, kamar wajen gauraya man fetur a matatu, akan ƙara da ƙidayar lita tun daga farkon aiki. Na'ura ta riƙa tara giɓin tana biyansa daga baya, kamar mai bin bashi, har jimillar biyu su dace.

Akwai kuma halin da mabiyi ke kasa bi ɗungurungum. Idan famfon sirof ba ya iya wuce lita 2,400, ruwa kuma ya hau 14,000, manufa za ta ce 2,800, bawul ya buɗe iyakarsa, gwargwado ya faɗi 0.17. Tacewar da ta toshe ko sirof da ya yi sanyi ya ƙara kauri na iya jawo haka ko a ƙasa da wannan adadi. Tsarin da ruwa ke jagora ba shi da abin yi a nan, domin ruwa ba ya waiwaye. Shi ya sa akan sa ƙa'idar da ke rage ruwa, ko rage F, da zarar sirof ya gaza cimma manufarsa. Wasu kuma sukan mayar da ruwan da ya fi saurin gazawa ya zama shi ne jagora tun farko. Gara a rage yawan lemo da a ɓata shi.

6.0 Idan Allo Ya Ce Daidai, Ɗakin Gwaji Ya Ce A'a

Tsarin nan karatun mita yake daidaitawa, ba zaƙi ba. Allo na iya nuna 0.2 cif, lemo kuma ya kauce. Yadda kaucewar ke tafiya da yawan kwarara shi ke nuna inda laifin yake.

Mu ce mitar sirof tana ƙara lita 20 a kan gaskiya a kowane lokaci, har ma idan babu abin da ke wucewa. A manufar 2,000, ainihin abin da ke shiga 1,980 ne, kuskuren kashi 1 cikin ɗari, wanda da wuya a lura. A manufar 500, ainihin 480 ne, kuskuren kashi 4, sukari ya sauko 11.9. Saboda haka idan lemo daidai yake a babban gudu amma yana raguwa a ƙarami, sifirin mita ake tuhuma. Gwajinsa shi ne a rufe bawuloli bututu na cike, a ga ko mitar za ta nuna sifiri. A ƙaramin gudu ne kuma bawul ke aiki dab da rufewa, inda ɗan motsi ke kawo babban sauyi, don haka kowane irin wannan tsari yana da ƙasan da bai kamata a sauka ƙasa da shi ba. Masana'antu da dama sun gwammace su tsayar da haɗawa su sake tashi da tanki ya ragu, a kan su yi ta rarrafe a ƙaramin gudu.

Idan kuwa kaucewar iri ɗaya ce a kowane gudu, to ko dai iyakar mita ce ba a saita daidai ba, ko kuma sirof ɗin ne ya sauya. Mu ce sabon dahuwa ya fito da digiri 58 maimakon 60. Nauyin litarsa kusan kilo 1.275 ne. Lita 2,000 za ta kawo sukari kilo 1,479 cikin jimillar kilo 12,550, wato kashi 11.8. Mitoci biyu lafiyarsu ƙalau, na'ura ta yi abin da aka sa ta, gwargwadon ne ya daina dacewa da kayan. Don a koma 12.3, sai an ɗaga shi zuwa kusan 0.21. Mitar da ake kira da sunan Coriolis tana da amfani a nan, domin nauyi take aunawa kai tsaye, kuma tana faɗin nauyin kowace lita, wanda daga gare shi ake gane yawan sukarin sirof tun kafin ya kai mahaɗa.

Gyara na ƙarshe shi ne sa ma'aunin sukari a bututun da ke bayan mahaɗa, irin wanda ke auna yadda haske ke karkata a cikin ruwa, a haɗa shi da wata na'urar sarrafawa wadda aikinta kawai ta riƙa ɗan taɓa R. Bawul ba nata ba ne. Saurin amsa sauyin kwarara yana nan a hannun lissafin ninkawa, ita kuwa tana gyara abin da ke sauyawa a hankali, kamar ƙarfin sirof ko lalacewar mita. Dole ta kasance mai nawa, saboda tazarar da ke tsakanin mahaɗa da ma'aunin. Idan bututun da ke tsakaninsu yana ɗaukar lita 50, lemo na isa ma'auni cikin daƙiƙa 15 a gudun lita 12,000, amma sai ya yi daƙiƙa 60 a gudun 3,000. Na'urar da aka saita da jinkirin daƙiƙa 15 a zuciya za ta yi ta ƙara gyara a kan gyara kafin sakamakon na farko ya iso gare ta, lilon da aka guje wa a 3.1 ya dawo ta wata ƙofa. Don haka akan saita ta bisa jinkiri mafi tsawo, a daskarar da ita duk lokacin da kwarara ta tsaya, a kuma yi mata shinge, alal misali kada ta kai R ƙasa da 0.19 ko sama da 0.22. Idan ta jingina da ɗaya daga cikin iyakokin nan ta ƙi tashi, ƙararrawa ta kaɗa, ma'aikaci ya ɗebi lemo da sirof ya kai ɗakin gwaji, domin a lokacin ma'aunin sukarin kansa yana cikin abin tuhuma: kumfar iska ko dattin da ya manne a fuskar gilashinsa na iya sa shi ya faɗi abin da ba haka ba.